Yadda za ka gwada dabarar indiketa a kan tsohon cat ba tare da ka yaudari kanka ba

Dabarar farko da na taɓa gwadawa a kan tsohuwar data ta nuna min layin riba yana hawa santal, kusan babu wani lanƙwasa, cikin shiga goma takwas ko tara duk ci ne. Na yi kwana uku ina kallon ta a waya. Da na barta ta yi gudu a kasuwa mai rai na sati biyu sai na ga siginal ya fito da safe, kafin la'asar ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba, kuma in na sake loda cat ɗin sai in ga shigar ta koma wani kyandir daban da ya fi kyau. Kuskuren nawa ne, layi ɗaya tak a cikin kod ɗin ke satar amsa daga gaba. Shi ya sa duk wanda ya turo min hoton sakamako mai kyau, tambaya biyu nake fara yi masa: a kowane kyandir me dabarar ta sani, sannan sau nawa ka canja setin kafin ka samu wannan hoton?

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, BTCUSDT, wato farashin Bitcoin da dalar USDT, a kyandir na awa 4, da EMA biyu, wato layukan matsakaicin farashi, a TradingView. In foreks kake yi ko gwal, matakan ɗaya ne, kuɗin kamasho da sifired ne kawai za su canja.

Mataki na farko, rubuta dokar a takarda kafin ka buɗe cat

Wannan mutane suna raina shi amma shi ne tushen komai. Ɗauki biro ka rubuta dokar yadda in ka miƙa wa ƙaninka da bai san tiredin ba zai iya bi ba tare da ya tambaye ka komai ba. Tamu ga ta: ana saye idan EMA 20 ya ƙetara EMA 50 zuwa sama a kyandir na awa 4 da ya riga ya rufe, da sharaɗin kyandir ɗin rana na jiya ya rufe sama da EMA 50 na rana. Ana shiga a buɗewar kyandir na gaba. Sitof los ninki 2 na ATR 14, wato matsakaicin girman motsin kyandir, ƙasa da farashin shiga. Ana fita idan EMA 20 ya dawo ƙasan EMA 50 ko sitof ya taɓu. Kowace shiga dala 1,000 ce, ba ƙari ba ragi.

Ka lura babu kalma irin "idan kasuwa ta yi ƙarfi" ko "idan cat ya yi kyau" a ciki. Irin waɗannan kalmomin su ne ƙofar da ido ke bi ya zaɓi shigar da ta ci ya tsallake wadda ta faɗi, ya ce ai wannan da ma ba zan shiga ba. A ƙasan takardar kuma rubuta abin da zai sa ka watsar da dabarar, misali in bayan cire kuɗin kamasho Profit factor, wato jimlar riba a raba da jimlar asara, bai kai 1.2 ba, ko faɗuwa daga ƙololuwa ta wuce abin da zuciyarka za ta ɗauka. Sai ka sa kwanan wata. Dalilin rubuta shi tun yanzu shine bayan ka ga sakamako za ka so ka sassauta, kowa haka yake.

Raba datar gida biyu ka kulle ɗaya

Za mu yi aiki da 2018 zuwa ƙarshen 2021, mu kulle 2022 zuwa ƙarshen 2024. Na zaɓi haka ne saboda kowane gida yana da yanayi kala-kala. A na farkon akwai doguwar faɗuwar 2018 da ta kai farashi wajen dala 3,200 a Disamba, akwai rushewar Maris 2020, akwai hawan da ya kai kusan 69,000 a Nuwamba 2021. A na biyun akwai 2022 da ya sauko ƙasa da 16,000 a Nuwamba, da farfaɗowar 2023, da 2024 da ya haura 100,000 a Disamba. In ka gwada dabarar saye zalla daga tsakiyar 2020 zuwa farkon 2021 kawai, toh komai ka saka zai ci, ba dabarar ka gwada ba, shekarar ka gwada.

Ka ƙirga kyandir ɗinka tukuna. Awa 4 na nufin kyandir 6 a rana, 2,190 a shekara, shekara bakwai sun haura 15,000. Akawun ɗin kyauta na TradingView kusan kyandir 5,000 yake nunawa, wato shekara biyu da 'yan watanni. In haka naka yake, ko dai ka rage tsawon gidajen biyu ka san cewa shaidarka ta yi rauni, ko ka sauke tsohuwar datar kyauta daga data.binance.vision ka yi lissafin a Excel ko Python. Ga yadda ake kulle lokaci a Pine Script, harshen kod na TradingView, sai ka haɗa `ciki` da sharaɗin shigarka:

```
fara = input.time(timestamp("01 Jan 2018 00:00 +0000"), "Fara")
kare = input.time(timestamp("31 Dec 2021 23:59 +0000"), "Kare")
ciki = time >= fara and time <= kare
```

Gidan da ka kulle sau ɗaya ake buɗe shi, zan dawo kan wannan a ƙasa.

Satar amsa daga gaba, inda aka fi faɗawa

Ainihin matsalar ita ce, a tsohon cat komai ya riga ya faru, don haka kwamfuta tana iya ganin ƙarfe goma na dare alhali tana yanke hukuncin ƙarfe tara na safe, kuma ba za ta yi maka gargaɗi kowane lokaci ba. Kamar ɗalibin da aka ba takardar amsa tun kafin jarrabawa ne, makinsa ba ya nuna abin da ya iya.

Dubi sharaɗinmu na kyandir ɗin rana. Kyandir ɗin rana na BTCUSDT yana buɗewa ƙarfe 00:00 agogon UTC, wato ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya da Nijar, ya rufe ƙarfe 1 na daren gobe. Ga layin da ya ci ni:

```
dClose = request.security(syminfo.tickerid, "D", close, lookahead=barmerge.lookahead_on)
```

Abin da layin nan ke yi a tsohuwar data shine yana ba duk kyandir shida na ranar farashin da ranar za ta rufe da shi. Mu ƙaddara EMA 50 na rana yana 60,000, jiya an rufe a 59,200, yau da ƙarfe 9 na safe farashi yana 59,500 sai EMA 20 ya ƙetara sama. Bisa dokar takarda babu shiga, domin jiya ƙasa aka rufe. Amma a ce ranar ta ƙare a 62,000. Layin nan zai gaya wa kyandir ɗin ƙarfe 9 cewa rana tana 62,000, sharaɗi ya cika, sai dabara ta shiga a 59,500 ta kwashi hawan dala 2,500 da babu wanda ya san zai zo, awa 16 kafin lokaci. Mafi muni kuma ranar da aka fara da kyau aka ƙare da zubewa, dabarar za ta ƙi shiga tun safe, don ta riga ta ga yamma. Tana ɗaukar na daɗi tana kauce wa na ɗaci, shi ya sa layin riba ke miƙewa santal.

Gyaran shine ka nemi kyandir ɗin jiya da ya riga ya rufe:

```
dClose = request.security(syminfo.tickerid, "D", close[1], lookahead=barmerge.lookahead_on)
dEma = request.security(syminfo.tickerid, "D", ta.ema(close, 50)[1], lookahead=barmerge.lookahead_on)
```

Wannan [1] ɗin shi ne duk maganar, kuma tare suke tafiya da lookahead_on. Wani zai ce ai ni ban saka lookahead ɗin ba sam. Eh, hakan ba ya satar amsa a tsohuwar data, amma yana da nashi ciwon: a kasuwa mai rai zai riƙa ba ka farashin ranar da ba ta rufe ba, yana hawa yana sauka, sharaɗi ya cika da safe ya warware da yamma, alhali a tsohon cat farashin rufewa kawai aka yi amfani da shi. Sai ya zama abin da ka gwada daban, abin da kake tiredin da shi daban.

Hanya ta biyu ita ce shiga a kyandir ɗin da ya ba da siginal. EMA da rufewar kyandir ake lissafa shi, ba ka tabbatar ya ƙetara ba sai kyandir ya rufe, don haka ba ka da ikon cin ribar wannan kyandir ɗin. Pine Script a yadda yake yana cika oda a buɗewar kyandir na gaba, ka bar shi haka. Masu Excel da Python su ne wannan ya fi kamawa:

```
df["sig"] = (df["ema20"] > df["ema50"]).astype(int)
df["riba"] = df["sig"].shift(1) * df["close"].pct_change()
```

In ka manta shift(1) ka ba wa kanka ribar kyandir ɗin da shi ne ma ya jawo ƙetarawar, kuma yawanci dogon kyandir ne kore. Masu gwadawa da ido ma haka, mutum ya ga layi biyu sun haɗu sai ya ɗora yatsa a gindin kyandir ɗin ya ce nan na shiga.

Hanya ta uku indiketocin da ke sake zana kansu. ZigZag ba ya tabbatar da ƙololuwa sai farashi ya juyo ya yi nisa, sannan ya koma baya ya zana layin a daidai saman kamar tun can ya sani. Haka ta.pivothigh(5, 5), sai kyandir 5 sun wuce a dama kafin ya tabbata, a cat ɗin awa 4 awa 20 kenan, amma yawancin masu rubuta shi suna mayar da alamar baya da offset=-5 don ta zauna kan ƙololuwar. Babu laifi ka yi amfani da shi, amma shigarka a kyandir ɗin da ya tabbata take, ba inda alamar ke zaune ba. Sannan dan Allah kar ka gwada dabara a kan cat ɗin Heikin Ashi ko Renko, farashin da ke jikinsu na lissafi ne, ba wanda za a sayar maka a kai ba ne. In kana son siginal daga Heikin Ashi ka ɗauko shi cikin kod, amma gwajin a kan kyandir na asali.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar matsala idan ka saka tek furofit da sitof kusa da juna. Kyandir ɗaya zai iya taɓa duka biyun, kuma daga buɗewa da sama da ƙasa da rufewa kawai ba a san wanne aka fara taɓawa ba. TradingView zato yake yi, in saman ya fi kusa da buɗewa sai ya ɗauka can aka fara zuwa. Ni in na ga irin wannan a List of Trades, wato jerin shigar da gwajin ya yi, ina sauka kyandir na minti 5 in duba, in ba zan iya ba in ƙirga shi a asara.

To ta yaya za ka kama satar amsa in ba ka iya karanta kod ba, misali indiketar wani ce aka ba ka? Gwajin yanke cat. Buɗe Bar Replay, koma wata rana can baya, ka riƙa tura kyandir ɗaya-ɗaya kana rubuta kowane siginal da lokacin da ya bayyana a idonka, kamar guda 20. Sai ka fita ka kwatanta da abin da cikakken cat ke nunawa. In alama ta matsa ko ta ɓace ko wata sabuwa ta fito a inda ba ka gan ta ba, an gama magana. Bar Replay ba kowace irin sata yake kamawa ba, musamman abin da ya shafi wani taimfirem, don haka ka haɗa da barin ta a cat mai rai kwana biyu uku kana ɗaukar hoton allo, sannan ka sake loda shafin ka kwatanta. A Python ya fi sauƙi: yanke datar a ƙarshen 2019 ka gudanar, sannan ka gudanar da cikakkiya, duk shigar da ke kafin ranar yankan dole su zama iri ɗaya sak. Wani gwajin kuma, jinkirta shiga da kyandir ɗaya. Dabarar bin turen ta gaskiya za ta ɗan rage riba, amma in daga riba mai yawa ta rikito zuwa asara, ka koma ka bincika da kyau.

Saka kuɗin da za a cire maka

Kamasho na yau da kullum a kasuwar sifot ta Binance 0.1% ne a shiga, 0.1% a fita. Duba na inda kake tiredin ka saka nasu. Sai kuma zamewar farashi, wato ka danna a wani farashi a cika maka a wani. Akwatin slippage na TradingView da ƙaramin taku na farashi yake ƙirgawa, kuma taku nawa ne daidai ya bambanta tsakanin lokacin da BTC ke 4,000 da lokacin da yake 60,000, don haka ni cikin kamasho nake cusa shi in mayar da shi 0.15:

```
strategy("EMA gwaji", overlay=true, initial_capital=10000,
     default_qty_type=strategy.cash, default_qty_value=1000,
     commission_type=strategy.commission.percent, commission_value=0.15)
```

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, ba sakamakon gaske ba ne, naka za ka saka. A ce shiga 120 aka samu, 45 sun ci matsakaicin dala 60, 75 sun faɗi matsakaicin dala 25. Riba 2,700, asara 1,875, saura 825, Profit factor 1.44. Yanzu kowace shiga da fita tana cin 0.3% na 1,000, dala 3 kenan, sau 120 ya zama 360. Saura 465, Profit factor ya sauko 1.22. Kusan rabin ribar ta tafi kuma ba a yi komai ba tukuna. In ka sauko da dabarar nan kyandir na minti 15 ta yi shiga 1,500, kamasho kaɗai dala 4,500 ne, kuma motsin da kowace shiga ke kamawa ya ƙanƙance. Nan ne yawancin dabarun ƙananan taimfirem ke mutuwa.

Kuma 0.15 ɗin na ranar lafiya ne. Ranar 12 ga Maris 2020 BTC ya faɗo daga wajen dala 7,900 zuwa ƙasa da 5,000 a yini ɗaya, a irin wannan rana sitof ba lallai ya cika a inda ka ajiye shi ba, amma gwaji zai rubuta maka kamar ya cika daidai. Don haka ka sake gudanarwa da ninki biyu na kuɗin, 0.3, ka ga ko tana numfashi.

Ɗinka wa cat riga

Wannan ya fi satar amsa wuyar kamawa domin babu layin kod da za ka nuna ka ce ga ɓarawon, kai ne da hannunka kake yi, kuma kana ji kamar aiki kake yi tuƙuru. Ka gwada 20 da 50 ba ta burge ka ba, ka mayar 21 da 55, ka ƙara RSI, ka ga asarar Mayu 2021 ta yi yawa sai ka ƙara sharaɗin da zai cire ta, ka ga ranar Lahadi ba ta da kyau ka cire Lahadi. Kamar tela ne da ya yi ta rage riga yana ƙarawa har ta zauna ɗas a jikin mutum ɗaya, da ƙusumbinsa da tumbinsa, to ba za ta shiga kowa ba sai shi. Shekarun 2018 zuwa 2021 ba za su sake zuwa ba.

Dubi yawan haɗin da ke cikin 'yan lambobin nan. EMA ƙarami daga 10 zuwa 40 zaɓi 31 ne. Babba daga 50 zuwa 200 ana tsallake goma-goma zaɓi 16 ne. 31 sau 16 ya ba da 496. Ninkin ATR guda 5, daga 1 zuwa 3 da rabi-rabi, ya kai 2,480. Ƙara matakin RSI guda 4, 9,920. Kana zaɓar gwani ɗaya cikin 9,920 da shaidar shiga 120 kacal. In ka tara mutum 1,024 kowa ya jefa kwabo sau 10, ana sa ran mutum ɗaya zai samu kai sau goma a jere, kuma ba don ya iya jifa ba. Setin da ya zo na ɗaya a teburinka mai yiwuwa shi ne wannan mutumin.

Abu uku nake yi. Na farko ina taƙaita kaina tun a takarda: lambobi biyu kawai zan taɓa, ƙarami 10, 20, 30, babba 50, 100, 150, haɗi 9 kenan, ATR da na rana su zauna yadda suke. Na biyu ina da littafi da nake rubuta kowane gwaji, har wanda na yi na minti ɗaya na ga bai yi ba na goge. Lamba, abin da na canja, sakamako. In littafin ya kai gwaji 60, na san sakamakon da ke hannuna na ɗaya cikin 60 ne, ba zan yarda da shi kamar wanda ya fito a gwajin farko ba. Kuma kowane sabon sharaɗi sai na iya faɗin dalilinsa na kasuwa ba tare da na ambaci wata asara da nake so in goge ba.

Na uku shine duba maƙwabta, kuma wannan ya fi komai saurin tona asiri. A ce 20 da 50 ya ba da 1.22. Gwada 18 da 50, 22 da 50, 20 da 45, 20 da 55. In suka fito kamar 1.18, 1.25, 1.15, 1.20, kana kan fili mai faɗi, ko kasuwa ta ɗan canja hali ba za ka rufta ba. In kuma wani setin kamar 23 da 70 ya ba da 1.9 amma na kusa da shi 0.95 da 1.02 ne, wannan tsini ne, wata babbar shiga ɗaya ko biyu ya dace da su da kyandir ɗaya. Ɗauki na tsakiyar fili ko da lambarsa ba ta kai ta tsinin ba. Na san da wuya mutum ya bar 1.9 ya ɗauki 1.2, amma 1.9 ɗin ba naka ba ne.

Ka kuma buɗe List of Trades ka jera su daga babba zuwa ƙarami. A misalinmu ribar 465 ce, in manyan uku su ne 200 da 170 da 150, jimla 520, to ba tare da su ba asarar 55 ake. Dabarar bin turen da ma da 'yan manyan kamu take rayuwa, wannan ba aibi ba ne, amma ka san cewa in NEPA ko netwok ko barci ya sa ka rasa shiga uku cikin shekara huɗu, ka yi aikin banza. Yawan shiga ma yana da magana. Cin 60% a shiga 30 yana iya zama komai daga kusan 42% zuwa 78%, a shiga 300 kuwa tazarar ta matse zuwa wajen 54% da 66%. Ƙasa da shiga 100 ni ba na yanke hukunci.

Wata satar amsar da ba ta cikin kod, tana cikin kanka: ka riga ka san BTC ya hau, shi ya sa ma ka zaɓe shi ka kuma zaɓi saye zalla. Wanda ke zaune a farkon 2022 da LUNA da FTT suna cikin manyan da zai iya zaɓa, ɗaya ya rushe a Mayu ɗaya a Nuwamba na shekarar. Don haka ka gwada dokar nan ba tare da canja ko lamba ɗaya ba a kan wasu kadarori uku ko huɗu, har da waɗanda ba su yi kyau ba, kuma kullum ka kwatanta da Buy & hold, wato wanda ya saya ya je ya kwanta.

Buɗe gidan da ka kulle

Yanzu setin ya tsaya, ka rubuta shi a takarda. Canja Fara zuwa 1 ga Janairu 2022, Kare zuwa 31 ga Disamba 2024, ka gudanar sau ɗaya. Ka sa rai zai yi ƙasa da na farko, haka aka saba. Abin dubawa shine ko halin dabarar bai canja ba: yawan shiga a shekara, kason ci, matsakaicin riba a kowace shiga, da Max drawdown, wato faɗuwa mafi girma daga ƙololuwa. In 1.22 ya zama 1.12 kuma sauran sun yi kama, akwai abin ci gaba da bincike. In ya zama 0.8, dabarar ta faɗi, ka rubuta a littafi ka barta.

Abin da ba a yi shine ka ga 0.8 ka koma ka gyara setin ka sake gwadawa a 2022 zuwa 2024 har ya yi kyau. Daga sa'ar da ka yi haka gidan nan ya daina zama shaida, ya shiga cikin rigar da kake ɗinkawa. Shaidar da ta rage maka sai datar da ba ka taɓa ba, ko watannin da ba su zo ba tukuna.

In kana da ƙarfin yi, akwai hanyar da ta fi wannan, gwaji mai tafiya gaba. Zaɓi setin da 2018 da 2019, gwada shi a Janairu zuwa Yuni 2020, rubuta sakamakon wata shidan nan kaɗai. Matsa gaba da wata shida, zaɓi setin da Yuli 2018 zuwa Yuni 2020, gwada a Yuli zuwa Disamba 2020, haka har ƙarshen 2024, zango 10 kenan. Sai ka haɗa zangunan gwajin su zama layi ɗaya, shi ne mafi kusa da abin da da gaske za ka samu. Ka lura da setin da ake zaɓa a kowane zango, in yau 10 da 50 gobe 30 da 150 jibi ya dawo, babu wani abu tsayayye a ƙasa. Masu manhajar MetaTrader 5, a Strategy Tester akwai Forward da ke yanke muku 1/2 ko 1/3 ko 1/4 na ƙarshen lokacin, ku kuma zaɓi Every tick based on real ticks in sitof ɗinku na kusa ne.

Kafin kuɗi su shiga

Lissafa jerin asarar da ke jiranka. A misalinmu faɗuwa 75 cikin 120 ce, 62.5%, kuma da wannan kason asara 8 a jere abu ne da ake sa ran gani kusan sau ɗaya cikin shiga 120, wajen dala 224 a kan shigar dala 1,000. In ba ka san da haka ba za ka kashe dabarar a asara ta biyar ka ce ta lalace. Max drawdown ɗin da gwaji ya nuna kuma ka ninka shi ɗaya da rabi ko biyu wajen tsara girman shigarka, domin jerin da ya faru a baya ɗaya ne kawai cikin jerin da za su iya faruwa.

Sai demo ko kuɗi ƙanƙani na aƙalla wata uku. Dabarar da ke shiga 30 a shekara za ta ba ka 7 ko 8 ne kawai a wata uku, ba su isa a ce tana ci ko ba ta ci ba, kuma ba shi ake nema a nan ba. Abin da ake nema shine daidaito. Kowace shiga ka rubuta ranar, ƙarfe nawa siginal ya fito, farashin da aka cika maka, da kamashon da aka cire. Ƙarshen wata ka gudanar da gwajin a kan wannan watan ka ajiye List of Trades kusa da littafinka, layi da layi. In akwai shigar da gwaji ya nuna kai ba ka gan ta a raye ba, ko lokacin ya bambanta da kyandir ɗaya, koma kan request.security da duk wani abu mai offset. In lokutan sun dace amma farashin cikawa ya fi 0.15 muni, ɗauki ainihin abin da aka cire maka ka saka a commission_value ka sake gudanar da 2018 zuwa 2024 gaba ɗaya da shi.